Tambayar saifa da na kayar da abokina da ita

Ni da abokin karatuna muna da al'ada, bayan isha'i mu shimfiɗa tabarma a waje saboda zafin Sakkwato, kowa ya rufe littafi mu yi ta jifan juna da tambaya. Ranar saifa shi ya fara, wai yaya take gane jan ƙwayar jini ta tsufa. Na ce ai ba shekaru take ƙirgawa ba, matsi ne. Ƙwayar faɗinta kusan maikiron 8, shi maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, amma dole ta lanƙwashe ta kutsa ta wata 'yar tsaga a cikin saifa da ba ta wuce maikiron 1 zuwa 2 ba kafin ta koma cikin jini. Sabuwa tana da laushi sai ta wuce, wadda ta doshi kwana 120 ta yi tauri sai ta maƙale, makrofaj, wato ƙwayoyin jiki masu haɗiye datti da ƙwayoyin cuta, su cinye ta a adana ƙarfen da ke ciki. Ya ce "awo, ka ci wannan."

Sai na jefa masa tawa. Na ce malam, saurayi mai sikila ɗan shekara 20, saifarsa babba ce ko ƙarama? Ko tunani bai yi ba ya ce babba mana, tunda aiki ya mata yawa. Wallahi har yanzu in na tuna yadda ya faɗa da ƙarfin gwiwa sai na yi dariya. A yaro ƙarami haka ne, tana kumbura, wani lokaci ma ta tare jini mai yawa farat ɗaya, yaro ya ɗashe ciki ya tashi ta hagu, wannan a ruga asibiti ne. Amma ƙwayoyin sikila masu taurin nan suna ta toshe hanyoyinta, yau wani yanki ya mutu gobe wani, a masu SS yawanci tun suna yara ta fara gazawa har ta ƙanƙance ta zama tabo. A nan wajenmu akan samu waɗanda tasu ta jima da girma, galibi saboda maleriya, shi ya sa girman kaɗai ba hujja ba ne.

Ya ce "to mi za ka gani ka san ta daina aiki?" Na ce ka shafa jini a gilashi ka duba da maikiroskop, za ka ga ɗigo mai duhu a cikin wasu jajayen ƙwayoyi, ana ce masa Hawel-Joli, ragowar nukiliyos ne, wato cibiyar ƙwaya, da saifa mai lafiya ke cirewa.

Inda ya ɗan rama shi ne kan cuta, ya lissafo ƙwayoyin cuta masu kwanso da saifa ke yaƙa, nimokokus da himofilus da mai kawo sanƙarau, ya ce farin ɓangaren saifa ne ke saurin fitar da antibodi, wato sinadarin garkuwar jiki, ya lulluɓe kwanson don makrofaj su iya kamawa. Na ce madalla, to ɗan shekara 20 ɗinka mai "babbar" saifa fa? Tasa ta daina aiki, ya rasa wannan kariyar. Shi ya sa ake ba yara masu sikila penisilin kullum da rigakafi, kuma zazzaɓi gare su ba a cewa bari mu ga safiya, cikin awoyi kaɗan cutar na iya mamaye jini.