Alƙur'ani na kowa ne, faifan karatun da mai shi

Na shekara biyu ina haɗa bidiyo a wata tashar wa'azi kafin na gane bambancin nassi da faifai. Abin da ya koya mini shi ne wani ɗan gajeren bidiyo na minti shida a kan falalar Suratul Mulk. Na buɗe shi da karatun wani fitaccen makaranci, kusan daƙiƙa hamsin, a ƙarƙashin muryar malam na shimfiɗa nashida marar kiɗa, sannan na lulluɓe komai da hotunan gajimare da na masallaci.

Ina ɗora shi a YouTube, tun a matakin Checks, inda ake duba bidiyo kafin ya fito, sai ga sanarwa: Content ID, na'urar YouTube mai gano sauti ko bidiyon da wani ya yi wa rajista, ya gano karatun, wani kamfanin rarraba sauti ya ce nasa ne, kuɗin talla kuma can za su tafi. Raina ya ɓaci. Na shigar da ƙorafi, na rubuta musu cewa Alƙur'ani maganar Allah ce, babu mahalukin da ya mallake ta. Ko mako ba a yi ba suka yi watsi da ƙorafin.

Gaskiya na faɗa, amma ba a kanta ake gardama ba. Ba wanda ya ce ayoyin nasa ne. Abin da suke riƙe da shi shi ne wannan naɗin: muryar makarancin a wannan zama, da aikin wanda ya ɗauka ya tace. Yarjejeniyar Roma ta 1961 ta ware wa mai gabatarwa da mai naɗar sauti haƙƙinsu daban, ko da abin da aka karanta ba mallakin kowa ba ne. Wato kowa na iya karanta surar ya naɗi kansa, amma faifan wani sai da izininsa. Ganin faifan ya bazu a wayoyi, ko an rubuta "a yaɗa don Allah" a wani shafin da ba na mai shi ba, bai zama izini ba.

Saura ƙiris in ɗaukaka ƙara, wani abokin aiki ya riƙe ni. Ya ce da'awar Content ID ba ta taɓa lafiyar tasha, iyakarta a karɓe kuɗin talla ko a toshe bidiyon a wasu ƙasashe ko a duniya baki ɗaya. Amma in ka ɗaukaka ƙara, mai haƙƙin yana da kwana 7 ya janye ko ya nemi a sauke bidiyon, kuma saukewa ita ke jawo gargaɗi. Gargaɗi yana ɗaukar kwana 90 kafin ya goge, uku kuwa suka haɗu ana iya rufe tashar da duk karatuttukan da ke cikinta. A kan daƙiƙa hamsin! Na janye jiki, na shiga YouTube Studio na datse wurin da Trim out segment. Daga baya muka samu wani matashi mai daɗin ƙira'a, muka naɗe shi da kanmu, ya sa hannu a takardar da ta ambaci surorin, da sunan tashar, da cewa ya yarda a sa talla.

Bayan wata biyu kuma sai ga wata da'awar a bidiyon nan dai, wannan karon a kan nashidar. Ita kam da lasisi na sauko da ita daga wani rumbun sauti na kyauta. Mai ita ne ya yi mata rajista a Content ID daga baya, na'ura kuwa ba ta san wanda ke da lasisi ba. Nan ƙorafi ya yi amfani. Na zaɓi dalilin lasisi, na kwafa bayanan takardar shaidar da adireshin shafin da ranar da na sauke. Suna da kwana 30 su amsa, suka janye cikin kwana huɗu. Da ban ajiye takardar ba, da bakina kawai zan je.

Hotunan ba su taɓa jawo mana da'awa ba, sai dai nan ma akwai tarko. Wanda aka rubuta wa Editorial use only na labarai da sharhi ne, ba a tallata kaya ko neman gudummawa da shi. Mai alamar CC BY dole a ambaci sunan mai shi, mai NC a jiki kuma ba na sa shi a bidiyon da ke kawo kuɗi. Fuskokin masallata da aka ɗauka kusa-kusa kuwa na daina amfani da su gaba ɗaya, musamman in wa'azin a kan riya ne ko cin amana, domin mai kallo zai ɗauka da mutumin ake.

Yanzu kowane bidiyo yana da jakarsa a kwamfuta, da hoton shafin lasisin kowane sauti da hoto kamar yadda yake ranar da na sauke, saboda rumbunan nan suna sauya sharuɗɗansu. Kuma ina fara ɗora shi a Private, in jira Checks ya gama, sannan in sanar da malam cewa ya fito.