Atamfa turmi goma da na bayar a kan alat na bogi

Ana saura kwana uku Sallah, dab da magariba, wani mutum ya shigo shagon maigidana a Kantin Kwari ya zaɓi atamfa turmi 10, kowane a kan naira 18,500. Bai yi wani dogon ciniki ba. Ya kalli kwalin da muka manna a bango, mai ɗauke da lambar asusu da lambar wayar shago, ya ɗan daddanna wayarsa, ya ce, "Na tura, ƙanina, duba." Wayar shago ta yi ƙara, na ga 185,000. Mai adaidaita yana waje yana ta hon. Da hannuna na loda masa kayan.

Abin da ban sani ba lokacin, sunan bankin da ke saman saƙo ana iya ƙirƙirarsa. Saƙon ƙarya yakan faɗo cikin jerin saƙonnin banki na gaske, a ƙarƙashinsu. Ɗan damfara ba ya buƙatar komai sai lambar wayarka da ta asusunka, mu kuwa mun rubuta masa su a bango.

Amma akwai abin da bai sani ba, wato nawa ne a asusun kafin ya zo. Alat ɗin da ya gabaci nasa ya nuna ragowar 42,300. Da kuɗinsa sun shiga, wajen da aka rubuta Bal zai nuna 227,300. Nasa 391,000 ya nuna, cinta kawai ya yi. Lissafin da ɗan firamare zai yi ne, ni kuwa idona na kan adadin sama. Wata shida ana cire min daga ɗan abin da nake samu.

Ko lissafin ya yi daidai, ƙannena, kada ku tsaya nan. Ku buɗe manhajar bankin da kanku, ku duba Available Balance, sannan ku ga shigar kuɗin da sunan mai turowa a jerin hada-hadar ranar. In babu data, ku danna lambar bankinku, kamar *894# ta First Bank ko *919# ta UBA, da layin da aka yi wa asusun rajista. Rasit ɗin da mai saye ya nuna a wayarsa hoto ne kawai, ana haɗa shi.

A wayarku za ku duba, ko da ya miƙo tasa yana cewa ta fi sabis. Ku juya baya, ku kare lambar sirri da tafin hannu. In saƙon ya zo da wani adireshi ko lambar da aka ce a kira don tabbatarwa, kada ku taɓa.

Gaskiya ne wani lokaci an cire wa mutumin kirki kuɗi, amma ba su iso ba saboda matsalar sabis. Irin wannan nakan ba shi kujera da ruwa, in ɗaure kayansa in rubuta sunansa a jiki, in ce, "Alhaji, suna shigowa zan kira ka, ko in aiko yaro da su har gida."