Gem ɗin dare da abin da ya yi wa idona da wuyana

Ciwon ido, ciwon wuya da rashin barci, da fari na ɗauka matsaloli uku ne daban, sai daga baya na gane duk daga wuri guda suke fitowa, wato yadda nake kwanciya da waya a hannu ina buga gem bayan an kashe fitila. Irin wasan harbin nan da ake shiga mutum huɗu-huɗu nake bugawa, zagaye ɗaya yakan kai minti ashirin zuwa talatin in ba a fitar da kai da wuri ba, kuma duk wanda yake bugawa ya san ba a tashi bayan an sha kashi, sai ka ce bari in rama, in kuma ka ci sai ka ce ai hannu ya zauna bari in ƙara ɗaya.

Ido ne ya fara kuka. Ina jin kamar yashi a ciki, yana zafi yana hawaye, in na ɗago kai na kalli bango sai in ga dishi-dishi na ɗan lokaci kafin gani ya daidaita. Hawayen ne ya ruɗe ni, na ce idon da ke zubar da ruwa ta yaya za a ce ya bushe? Likitan ido ne ya warware min. Mutum yakan ƙifta ido kamar sau 15 zuwa 20 a minti, amma in ya ƙura wa sikirin ido sai ƙiftawar ta ragu zuwa rabi ko ma ƙasa da haka, a gem kuwa abin ya fi muni don kana tsoron ka ƙifta a harbe ka. Ruwan da ke lulluɓe da ido sai ya ƙafe, idon ya ji zafi, shi ne sai ya kwararo hawaye mai tsinkakken ruwa wanda ba ya zama. Shi kuma dishi-dishin daga wata ƴar tsoka ce a cikin ido da ke matsewa duk lokacin da kake kallon abu na kusa, in ta daɗe a matse ba ta saki nan take. Ni kuma a kwance wayar tana kusan taɓa hancina, alhali ya kamata a ce akwai tazarar santimita 30 zuwa 40.

Abin da ake faɗa shi ne duk bayan minti 20 ka kalli abu mai nisan mita 6 na daƙiƙa 20. Shawara ce mai kyau amma wallahi babu mai barin wasa a tsakiya don ƙararrawa ta buga, na gwada, kashe ta kawai nake yi. Abin da ya yi min aiki shi ne na ɗaura hutun a kan ƙarshen zagaye. Da an gama, kafin in danna fara sabo, sai in kife wayar, in tashi tsaye, in kalli can ƙarshen ɗaki ko ta taga, in rufe ido sosai in buɗe kamar sau goma a hankali. Abokan wasa ma a lokacin suna ta musun waye ya jawo aka faɗi, babu abin da ka rasa. Likitan ya rubuta min ɗigon ido na hawayen roba, kuma ya ja min kunne a kan maganin da ake saya don kawar da jan ido, in ka saba da shi kana dainawa jan yake dawowa ya fi na da, wanda ke da sitiroyid kuwa in aka daɗe ana ɗigawa babu kulawar likita yana iya ɗaga hawan ruwan ido har ya kai ga gilakoma, ciwon da ke iya makantar da mutum.

Wuya shi ne ya fi daɗewa bai saki ba. Kan babban mutum ya kai kilo 5, in yana zaune daidai a kan kafaɗu wuya ba ya jin komai. Wani likitan ƙashin baya a New York, Kenneth Hansraj, ya fitar da lissafi a 2014 cewa in ka sunkuyar da kai digiri 30 nauyin da wuya ke ɗauka ya kai kusan kilo 18, a digiri 60 kuma kusan kilo 27. Lissafi ne ba awon jikin mutane ba, amma duk wanda ya taɓa tashi da safe ya kasa waiwaye sai ya juyo da jiki gaba ɗaya ya san akwai gaskiya a ciki. Nawa daga ƙeya yake farawa, ya sauko kafaɗar dama, wani lokaci ya hau ya zama ciwon kai a bayan ido. Kwanciyar da ta fi cutar da ni ita ce rigingine da filo biyu a ƙarƙashin kai, haɓa ta manne da ƙirji, kana jin daɗinta a lokacin amma wuyanka a lanƙwashe yake awa biyu cur.

Yanzu a zaune nake bugawa, baya jingine, filon da nake tusawa a ƙeya na dawo da shi kan cinya in ɗora gwiwar hannu a kai, wayar sai ta taso kusa da saitin ido ba sai na bi ta ƙasa ba. A hutun ƙarshen zagaye ina jan haɓa baya kai tsaye, ba sama ba ba ƙasa ba, in riƙe daƙiƙa biyar in saki, sannan in juya kafaɗu baya. Amma in ciwon ya fara sauka hannu, yatsu suna mutuwa ko kana jin kamar ana tsira maka allura, ko kofi na suɓucewa daga hannunka, ko kana ganin abu biyu-biyu, wannan ya wuce motsa jiki, asibiti za ka je.

Batun barci kuma nan ne na fi ganin ana yaudarar mutane. Kowa zai ce maka kunna Night Light ko Night Shift, sikirin ya koma rawaya shi ke nan. Eh haske da dare yana jinkirta fitar melatonin, sinadarin da ke shirya jiki ga barci, rage shi yana da amfani, amma ba shi ne babban ɓarawon ba. Mutumin da ya gama fafatawa zuciya na bugawa, tafin hannu da gumi, yana ta tuna inda ya yi sake aka kashe shi, ko sikirin ɗinsa wane launi ne ba zai yi barci nan kusa ba. Ni nakan ajiye waya wajen ƙarfe biyu in yi ta juyi har uku ta wuce, ga tashi ƙarfe shida, alhali babba yana buƙatar aƙalla awa 7. Kuma idon da bai yi barci ba washegari ya fi saurin bushewa, wuya ma ya fi jin ciwo, da dare ka koma gem don ka huce gajiya.

Don haka daga lokacin tashi na yi lissafi na dawo baya. Tashi shida na nufin barci sha ɗaya, zagayen ƙarshe ya ƙare ƙarfe goma, ke nan ba na fara sabo in tara da rabi ta yi. Wannan dokar ta rashin farawa ta fi ta dainawa sauƙi nesa ba kusa ba. Na sa wa gem ɗin iyakar lokaci a Digital Wellbeing, masu iPhone nasu Screen Time ne, na kashe sanarwar kyautar kullum da ke kiran mutum da tsakar dare, caja kuma na mayar da ita nesa da gado. Abin da ya fi wuya shi ne abokan wasa, don su sai sha ɗaya suke haɗuwa, matsayina ya sauka kuma biyu daga cikinsu sun nemi wani a madadina. Ido ya lafa da wuri, wuya ya ɗauki makonni, barci kuwa har yanzu duk daren da na karya dokar tara da rabi sai na biya kuɗinsa washegari.