Abin da giga 8 na ram ta koya mini

Laftof ɗina da giga 8 na ram ta zo, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke ɗora abin da take aiki a kai, kuma na shekara biyu ina buga GTA V da wasan ƙwallo a kanta lafiya lau. Shi ya sa duk wanda ya ce sai giga 16, nakan ce ɓarnar kuɗi ce.

Elden Ring ne ya sa na canza ra'ayi. Mafi ƙarancin abin da masu gem ɗin suka rubuta giga 12 ne, na gani, na ce bari dai in gwada. Gem ya buɗe, hoto ya yi kyau. Amma da na hau doki na nufi sabon yanki, sai allon ya daskare kamar daƙiƙa ɗaya, ya saki, ya sake daskarewa. Na rage ingancin hoto har ƙasa, babu abin da ya canza. Nan na fara zargin ba katin hoto ne ya gaza ba, domin da shi ne, da ragewar ta kawo sauƙi.

Na buɗe Task Manager, na shiga Performance, na danna Memory. Tun kafin in kunna gem, Windows da burauza sun riga sun cinye kusan giga 4. Da gem ya tashi, ram ta cika maƙil, lambar da ke ƙarƙashin Committed kuwa, wato jimillar wurin da Windows da manhajoji suka nema, ta haura giga 12. Ma'anarsa, abin da ya rasa wuri a ram ana jibge shi a pagefile.sys da ke kan faifan ajiya, shi kuwa faifai ko SSD ne bai kama ƙafar ram a sauri ba. Duk daskarewar nan jiran faifai ne.

A wannan shafin na ga Slots used yana nuna 1 of 2, wato akwai gurbi guda a buɗe. Na kwance murfin ƙasa, na karanta takardar da ke jikin ram ɗin: DDR4, 3200. Irinta sak na sayo, giga 8, na cire caja da igiyar batir, na soka ta a karkace na danna har ta ce ƙas. Daskarewar ta tafi. Na kuma samu riba, domin ram biyu masu kama da juna suna aiki ta hanya biyu lokaci guda, abin da guda ɗaya ba ta iyawa.

Ban ce giga 8 ta mutu ba. Mai buga tsofaffin gem ya rufe burauza ya ci gaba da harkarsa. Amma Hogwarts Legacy da Starfield, dukansu na 2023, giga 16 suka sa a matsayin mafi ƙaranci. Yanzu idan ƙanena zai sayi laftof, abin da nake fara sa shi ya tambaya shi ne ko ram ɗin a liƙe take da allon injin, domin idan a liƙe take kuma babu gurbi, ba ta ƙaruwa.