Ranar da shagon Alhaji ya zama kamfani

Ina sabon shiga a ofishin akanta aka miƙo mini takardun wani ɗan kasuwar atamfa a Kantin Kwari. Ya yi wa sabon kamfani rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ya sayar masa da shagonsa, aka ce in buɗe wa kamfanin littafi. Na ɗauki tsohon lissafin Alhaji na kwafe shi kaf: kaya miliyan 8, bashin da yake bin mutane miliyan 3, kantoci da janareto miliyan 1.1, mota miliyan 4. Na cire miliyan 2 da dilolin da ke ba shi kaya suke bin sa, ya rage miliyan 14.1. Kuɗin sayen kuma na rubuta miliyan 8.9.

Maigidana ya duba, ya ce, "Yaro, wane ɗan Kwari ne zai sayar da dukiyar miliyan 14 a kan tara? Koma ka karanta yarjejeniyar."

Ashe motar ba ta ciki, Alhaji ya riƙe abarsa. Kayan an sake yi musu kuɗi miliyan 7.2, domin akwai atamfofin da yayinsu ya wuce, wasu har sun kama ƙura a layin ninki. Bashin ma an rage dubu 300 da ba a sa ran karɓowa. Abin da kamfani ya karɓa ke nan miliyan 11, a cire bashin diloli, saura miliyan 9.

Kuskuren da ya fi damuna yana wajen kuɗin sayen. An ba Alhaji hannun jari miliyan 8 mai naira ɗaya ɗaya, amma a farashin naira 1.20 aka ba shi, wato miliyan 9.6. Ga kuma dubu 900 da za a biya shi daga baya. Jimla miliyan 10.5. Bambancin miliyan 1.5 da ke tsakanin wannan da miliyan 9 shi ne kuɗin sunan shagon da masu sayen da ya tara shekara da shekaru, kuma kadara ce ta kamfani.

Da na sake buɗe littafin, a hagu na jera kaya, bashin da ake bi, kantoci da janareto, da kuɗin suna, suka ba da miliyan 12.5. A dama na sa diloli miliyan 2, jarin kamfani miliyan 8, rarar kobo ashirin ɗin nan miliyan 1.6 a asusunta daban, sai dubu 900 a matsayin bashin da Alhaji yake bin kamfani. Wannan na ƙarshe ya ɗaure masa kai, har ya ce yaya mutum zai bi kansa bashi. Sai da maigidana ya zaunar da shi ya nuna masa cewa daga ranar rajista, aljihunsa daban, aljihun kamfani daban.