Layi uku a allo ɗaya: daga Kolombo zuwa Jafna

Yayana ne ya ja ni zuwa Siri Lanka. Shi harkar ganyen shayi ta kai shi, ni kuma ɗan rakiya, don sana'ata buga takardu da zana alluna ce a Kano. Kwana biyu ina bin sa ofis-ofis ana ɗanɗana shayi ana tofarwa, a rana ta uku na ce masa: “Yaya, ka bar ni in je in ga gari.” Ya ce in dai ban ɓata ba. Da asuba na nufi babbar tashar jirgin ƙasa ta Kolombo, na yanki tikitin Yal Debi, jirgin da ke zuwa Jafna a can ƙuryar arewa, tafiyar kusan kilomita 400.

Kowa da inda idonsa ke sauka in ya shiga baƙon wuri. Mahauci nama yake kallo, ni allo nake kallo. A tashar nan kowane allo layi uku ne: na sama Sinhala, harshen mafi yawan mutanen ƙasar, haruffansa zagaye-zagaye kamar an jera ƙananan ƙwarya, na tsakiya Tamil, harshen da ya fi yawa a arewa, mai kusurwoyi da dogayen ƙafafu, na ƙasa Turanci. Ban iya karanta biyun farko ba, amma na iya aunawa da ido, kuma tun kafin jirgi ya tashi na lura cewa layin tsakiya ne ya fi shan wahala. Sau da yawa ya fi sauran tsawo, wani lokaci kuma an matse shi har haruffan sun rame.

Wanda Allah ya haɗa ni kujera da shi wani dattijo ne Musulmi, da farar hula da ƙullin abinci a cinya. Musulmin ƙasar galibi Tamil suke yi a gida, da yawansu kuma suna jin Sinhala. Shi ya haɗa da Turanci, ya ce shekarunsa na aiki duk a fassarar takardu ya ƙare su. Ya ga ina ɗaukar hoton wata sanarwar hana shan taba, ya yi dariya ya ce: “Ɗana, mutane giwa suke zuwa ɗauka.” Na gaya masa sana'ata. Sai ya zaro biro ya juya bayan tikitinsa.

Ya rubuta na Sinhala: dumbima tahanam, wato shan taba haramun ne. Kalma biyu, harafi huɗu-huɗu, takwas ke nan. Na Turanci, No Smoking, kalma biyu ne shi ma, harafi tara. Sannan ya rubuta na Tamil yadda aka saba sa shi a takardar hukuma: puhaittal tadai seyyappattulladu. Muka ƙirga tare. Kalmar farko biyar, ta biyu biyu, ta ukun ita kaɗai goma. Goma sha bakwai, kusan ninki biyu na kowanne cikin sauran. Na ce: “Baba, to me wannan doguwar take cewa?” Ya ce ba komai sai “an yi”. Tamil harshe ne da ke liƙa ɗafe a kan ɗafe, a cikin kalma ɗaya a nuna aikin, a nuna yi aka yi masa, a nuna kuma har yanzu yana nan a haka. A takarda wannan ado ne, a allo kuwa kaya ne. Ya ja layi ya soke ta, ya bar puhaittal tadai, shan taba hani. Harafi bakwai. Takwas, bakwai, tara, kuma babu abin da ya ragu daga ma'ana.

Wannan ya burge ni, domin na san abin da mai buga allo yake yi in an kawo masa rubutun da ya fi wurin da aka ba shi. Ba ya taɓa kalma, tunda ba ya jin harshen. Girman harafi yake ragewa, ko ya ja layin ta gefe ya tsuke shi. A kwamfuta sai ka ga layukan uku sun yi daidai, baki da baki, gwanin kyau. Amma a kafa allon a koma taku ashirin baya, za a karanta na sama da na ƙasa, na tsakiya ya zama kamar tururuwa. Ni a ganina gara layi ya ɗara ɗan'uwansa da ɗan yatsa biyu a kan a daidaita tsawo a kashe girma. Dattijon ya ce shi dabararsa ita ce ya fara tsara na Tamil, tunda shi ne mai cin wuri, ya rage shi iya raguwa ta wajen kalma, sannan ya ɗinka sauran biyun a jikinsa. Yawancin ofisoshi kuwa akasin haka suke yi: a rubuta da Sinhala, a auna allo a kansa, sai daga baya a nemi inda za a cusa saura.

Muka wuce Polgahawela, inda layin arewa ke rabuwa da na kan duwatsu. Na tuna a tasha na ga sunan Kandi, na tambaye shi me ya sa na saman ya yi tsawo haka. Ya ce ai ba Kandi aka rubuta ba. Da Sinhala sunan garin Mahanuwara, babban birni. Tamil da Turanci ne ke cewa Kandi. Jafnar da za mu je ma Yapanaya ce a layin sama, Yalpanam a na tsakiya. A sunan gari babu wata dabarar daidaita tsawo, don ba fassara ake yi ba, kowa sunan da kakansa ya kira wurin ake rubuta masa. Wanda ya ɗauki sunan Sinhala ya rubuta shi da haruffan Tamil don ya huta, ya cika layi uku, amma ya ba mutum sunan da ba ya amfani da shi.

Bayan Anuradapura ƙasa ta fara bushewa, kore ya ja baya, zafi ya ƙaru. Dattijon ya buɗe ƙullinsa, shinkafa da miyar kifi mai yajin da ya sa ni hawaye, muka ci. A nan ne ya ba ni labarin da ya ce har jaridu sun ɗauka. A motocin haya akwai kujerar da ake keɓe wa mata masu juna biyu. Da Tamil uwa ita ce tai, kare kuma nai, kuma harafin ta da na na sun yi kama, ɗan lanƙwasa ne ya raba su. Wani wanda bai iya harshen ba ya kwafi rubutun kamar mai kwafar zane, ya sa ɗaya a madadin ɗaya. Sinhala da Turanci suka ce kujerar iyaye mata masu ciki, Tamil ya ce ta karnuka masu ciki. Tsawon layi bai canza ko da ƙwayar gero ba.

Na yi dariya, shi bai yi ba. Ya ce a ƙasar nan allo ya taɓa jawo jini. A 1956 gwamnatin firaminista Bandaranayaka ta kafa dokar da ta mai da Sinhala shi kaɗai harshen hukuma. Ba a daɗe ba aka sa harafin Sinhala na “siri” a lambar motoci, Tamilawan arewa suka riƙa shafe shi da kwalta, a kudu kuma aka rama a kan allunan Tamil, har abin ya kai ga tarzomar 1958. Sai a 1987 aka gyara tsarin mulki, Tamil ya zama harshen hukuma shi ma, Turanci ya zama na sada tsakani, a 1991 kuma aka kafa hukumar da ake kai wa ƙorafin harshe. Yaƙin basasar da aka yi a ƙasar bai ƙare ba sai 2009, jirgin nan da muke ciki ma bai sake isa Jafna ba sai 2014. Saboda haka Batamile in ya ga layinsa ya fi ƙanƙanta, ko an yi masa kuskure, ba ya ɗaukar sa a matsayin ganganci na mai fenti kawai.

Ya ce akwai wani kuskuren da ya fi wannan ɓoyuwa, kuma na kwamfuta ne. A harsunan biyu wasu wasula ana rubuta su kafin baƙin da suke bi a furuci, wasu ma rabi a gaba rabi a baya, kamar “ko” ɗin farkon sunan Kolombo. In manhajar da aka tsara allon ba ta san wannan ba, sai ta ajiye wasalin a gefen da ba nasa ba, ko ta fito da wani da'ira mai ɗigo-ɗigo a tsakiyar kalma. Nan na ji kamar a shagona yake magana. Sau nawa aka kawo mini aiki, ƙ da ɗ da ɓ duk sun koma akwatuna, mai aikin ya ce a cire ƙugiyar kawai a wuce, ƙasa ta zama kasa?

A Babuniya ya sauka. Kafin ya tashi na ce: “Baba, ni da ban iya karatun ba, ta yaya zan gane ko layukan abu ɗaya suke faɗa?” Ya ce in ƙirga lambobi. Harsunan uku duk da lambobi iri ɗaya suke rubuta lokaci da kuɗi da kwanan wata. In sanarwa ta gaskiya ce, duk lambar da ke sama za ta fito a tsakiya, ta fito a ƙasa. Muka yi musabaha, ya sa mini albarka, ya bi taron masu sauka.

Daga nan jirgi ya ratsa Kilinocci, ya kai wata siririyar ƙasa tsakanin ruwa da ruwa, ga gishiri fari fat a gefe. Nan ne wuri ɗaya da na ga suna ya fassaru: Alimankada da Sinhala, Anaiyirabu da Tamil, kuma duka biyun da na Turancin, Elephant Pass, giwa ce a farkonsu. Ban ga giwa ba, iska ce kawai da itatuwan giginya.

Da la'asar muka shiga Jafna. A cikin gari tsarin ya juye, a alluna da yawa Tamil ne a sama, a shaguna ma wani lokaci shi kaɗai ne da Turanci. Washegari na gwada abin da dattijon ya koya mini a ƙofar wani ofis. Takarda ce a liƙe, Tamil layi huɗu, Turanci layi huɗu, Sinhala layi biyu. A na Tamil akwai 8.30 da 12.00 da 250, a na Turanci ma haka. A na Sinhala 8.30 kaɗai na samu. Wato wanda ya zo daga kudu zai san lokacin buɗewa, ba zai san an rufe karɓa da sha biyu ba, ba zai kuma san da kuɗi a hannu ake zuwa ba. Na ɗauki hoto na tura wa Yaya. Ya amsa da cewa shayin ya samu, in kamo jirgin gobe.