Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Ranar da na tsaya tsakanin Alhaji da Manaja

Makon jiya na tsaya a inda na samu aikin tafinta a wani otal da ke arewa da Masallacin Annabi a Madina, a shekarar 2017. Ban cika wata biyu ba aka buga min waya bayan sallar asuba, wai in sauko, wani baƙo ɗan Najeriya yana faɗa kuma ba mai jin abin da yake cewa.

Na tarar da dattijo a zaune, leɓe a bushe, ya dafe ciki. Manajanmu Bamisire yana tsaye a gefe. Bayan gaisuwa na faɗi abin da nake fara faɗa kullum, da Hausa sannan da Larabci: duk abin da aka furta a wurin nan zan juya shi yadda yake, ba ragi ba ƙari, kuma idan na ce "ni", mai maganar nake nufi.

Alhaji ya ce, "Abincinku ya ɓata min ciki. Kwana na yi ina amai da gudawa." Na juya. Manaja ya ce, "Salamtak ya Hajj," sannan ya tambaya ko yana zargin tasammum giza'i ne. Kafin in buɗe baki Alhaji ya zabura: "Sammu? Sammu aka yi min?"

Laifin ba na kunnensa ba ne. Kalmomin biyu tushensu ɗaya, amma sun raba hanya. Tasammum giza'i a Larabci ciwo ne da gurɓataccen abinci ke jawowa, ba hannun kowa a ciki. Sammu a wurinmu kuwa mugun nufi ne, akwai wanda ya yi. Na ɗaga hannu na ce, "Yanzu tafinta ne ke magana da bakinsa," na warware wa Alhaji, sannan na gaya wa manaja abin da na warware, don kada ya ga muna ƙus-ƙus da Hausa ya zaci baki muka haɗa.

Ita ma "salamtak" ɗin, "sannu, Allah ya ba ka lafiya" na mai da ita. Da na ce "ya ba ka haƙuri", Alhaji zai tashi da cewa otal ya amsa laifi, alhali mutumin jaje kawai ya yi.

Sai aka zo kan lokaci. Manaja ya nemi sanin yaushe ya ci, yaushe ciwon ya fara. Alhaji ya ce ya ci shinkafa da kaza bayan isha'i, amai ya fara "cikin dare". Ban mai da shi ƙarfe goma sha biyu don raina ba. Na faɗa yadda ya faɗa, manaja ya sake tambaya, ya ce wajen ƙarfe ɗaya. Awannin nan suna da nauyi. Dafin da ke taruwa a dafaffiyar shinkafar da ta daɗe a ajiye yakan sa amai cikin awa ɗaya zuwa shida. Ƙwayar cutar Salmonela kuwa, wadda ake yawan samu a kaza da ƙwai, takan ɗauki awa shida har zuwa kwanaki kafin ta nuna. Tafinta ya kuskure awa uku, ya karkatar da zargi daga wannan tukunya zuwa waccan.

Manaja ya ce, "Ya ci wani abu a waje?" Alhaji ya dube ni ya rage murya: "Ɗana, shekaranjiya na sayi shawarma a hanya, amma kada ka gaya masa."

Wallahi na ji nauyi. Sa'an mahaifina ne, kuma ɗana ya kira ni. Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, tun farko na ce duk abin da aka faɗa zan juya. Likita ma sai ya tambaye ka wannan." Ya yi shiru, can ya ce, "To faɗa." Na faɗa, har da roƙon da ya yi na a ɓoye. Shi ma manaja da ya yi gunaguni cewa baƙi sukan kwaso ciwo a titi su ɗora wa otal, ban tace ba, na ba Alhaji ita da zafinta. Ransa ya ɓaci, ya mai da martani, na kai.

Aka rubuta ƙorafin: abin da ya ci, lokutan, lambar ɗaki. Na karanta masa da Hausa kafin ya sa hannu. Manaja ya sa a bincika ko wani baƙon ya yi irin wannan kuka, aka kira 937, layin ma'aikatar lafiya, suka ce ya riƙa shan ruwan gishiri da sukari kuma ya je asibiti. Ni na raka shi. A mota bai ce min uffan ba sai da muka kusa isa, ya tambaye ni ɗan wane gari ne ni.

Abin da ya faru a gaban likita, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.